Zaɓen biro a babban taro: a rubuta sunaye, a rubuta lissafi, a karanta kafin a watse



Yau muna son mu yi magana a kan wata takarda guda, wadda 'yan boko ke kira PV, wato takardar bayanin taro. Duk lokacin da wata ƙungiya ta kira babban taro don sabunta biro, ko ta iyayen yara ce, ko ta mata, ko kwamitin famfo, ko bankin cimaka, ko kofaratib ta manoma, ana tashi da wannan takarda. Mafi yawan waɗanda muke gani layi biyar ne ko shida: ranar kaza an yi taro, an zaɓi wane shugaba, wane magatakarda, wance ma'aji, taro ya watse lafiya. Ra'ayinmu shi ne irin wannan takarda ba ta kare kowa. Ta faɗi wanda ya ci, amma ba ta nuna yadda ya ci ba, kuma ranar da rigima ta tashi, yadda ya ci ɗin ne kawai ake tambaya.

Kowa ya san yadda rigimar take farawa. Ba a ranar taro ba ce. Sai bayan wata biyu ko uku, lokacin da kuɗi suka shigo, ko aka zo canza masu sa hannu a asusun ƙungiya, sai ka ji wani ya ce: "Ai ni ma an ambaci sunana, sai anka ce in bari." Wani ya ce: "Mu da munka ɗaga hannu mun fi su yawa." Wata ta ce: "Mata ba a ƙirga mu ba, muna can baya." Idan aka buɗo takarda, babu abin da zai tabbatar da maganarsu, babu kuma abin da zai ƙaryata ta. Sabon shugaba, ko da ya ci da gaskiya, sai ya zauna cikin zargi. Masu biyan kuɗin ƙungiya su fara ja da baya, 'yan bida da ke turo gudummawa daga Abijan ko Libiya su ce sai an warware tukuna. Haka famfo ke tsayawa ba gyara, ajin zana ya kai tsakiyar shekara ba a rufe shi ba.

Mu mutanen jihar Tahoua bai kamata a koya mana wannan darasi ba, don daga nan ya fita. A shekarar 2004 ne aka fara shirin nan na "Makaranta don kowa" da tallafin hukumar haɗin gwiwa ta Japan, JICA, kuma a jiharmu aka fara gwada shi. Kwamitocin lakwal da ake kira Kojes sun riga sun wanzu, amma da yawa suna ne kawai. Abu na farko da shirin ya sa gaba shi ne a tara gari a babban taro, iyaye su zaɓi wakilansu da ƙuri'ar asiri, maimakon a naɗa su a zauren wani. Da aka ga abin ya yi aiki, a 2007 aka baza shi zuwa makarantun firamare na ƙasa baki ɗaya. Saboda haka jefa ƙuri'a a taron gari ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Abin da har yanzu muke sakaci da shi shi ne rubuta abin da ya faru. Kuma abubuwa uku ne ya kamata a rubuta: waɗanda suka tsaya, lissafin ƙuri'u, da yadda aka bayyana sakamako.

Mu fara da waɗanda suka tsaya. Ga kowane muƙami, magatakardan taro ya rubuta sunan duk wanda aka gabatar, cikakken suna da na mahaifi, don a gari guda ana iya samun mutum uku masu suna ɗaya. Ya rubuta ko shi ya tsayar da kansa ko wani ne ya gabatar da shi, kuma wa. Sannan ya rubuta cewa an tambaye shi gaban jama'a ya ce ya yarda. Wannan tambaya ba ƙaramar aba ba ce. An sha gabatar da mutumin da ba ya nan, yana can wajen bida, a zaɓe shi ma'aji, ya dawo ya ce shi bai san zancen ba. Idan dokar ƙungiya ta yarda a tsayar da wanda ba ya wurin, sai a rubuta ta wace hanya aka samu yardarsa, takarda ce ya aiko ko waya aka buga masa kowa na ji.

Wanda ya janye ma a rubuta shi, kuma kada a goge sunansa. A sa cewa wane ya tsaya, sannan ya janye da bakinsa kafin a fara jefa ƙuri'a. Idan kuma taro ne ya ƙi karɓar takarar wani, a rubuta dalili da abin da aka dogara da shi, misali bai biya kuɗin ƙungiya ba kuma dokarmu ta ce sai wanda ya biya. Daga ƙarshe shugaban taro ya tambaya da ƙarfi ko akwai sauran mai so, ya maimaita, in ba kowa ya ce an rufe, magatakarda ya rubuta cewa an rufe da mutum kaza. Wannan layi guda shi ke kashe zancen "an hana ni tsayawa".

Akwai wani abin lura a nan. Wanda ke riƙe da alƙalami ranar zaɓe bai kamata ya zama ɗan takara ba. Sau da yawa tsohon magatakarda ne ke rubutu, alhali shi ma yana neman a maido shi. Ko mutumin kirki ne, an ɗora masa abin da zai jawo masa magana. Gara taro ya fara da fitar da mutum uku waɗanda ba sa neman komai, ɗaya ya jagoranci zaɓe, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya ƙirga, kuma kowane ɗan takara ya tsayar da nasa mutum guda ya sa ido. Sunayensu duka su shiga takarda.

Sai lissafi, wanda shi ne ƙashin bayan maganar. Don a gane sosai, bari mu ɗauki misali, ba na wani gari ba, misali ne kawai. A ce ƙungiyar iyayen yara ta wata lakwal ta kira taro. Aka zagaya da kaye, duk wanda ya zo ya sa hannu ko ya dangwala yatsa, aka samu mutum 118. Wannan ita ce lamba ta farko, kuma ita ake fara dubawa a ga ko an kai yawan da dokar ƙungiya ta ce sai an kai kafin taro ya yanke hukunci. Aka zo zaɓen ma'aji, mutum uku suka tsaya. Tun da ba kowa ke karatu ba, aka ba kowanne launinsa: ɗaya ja, ɗaya kore, ɗaya fari. Aka nuna wa jama'a kwali babu komai ciki, aka rufe, kowa ya shiga aji shi kaɗai ya jefa.

Da aka buɗe, kafin a duba ta wane ce ta wane ce, sai a fara ƙirga duka ƙuri'un. A ce an samu 112. Wannan ita ce lamba ta biyu. Mutum 118 suka zo, 112 suka jefa, wato shida ba su jefa ba, wannan ba laifi. Amma da an samu 120 a cikin kwali, to nan take an san akwai matsala, ko wani ya jefa biyu, ko wasu sun shigo ba a rubuta su ba, kuma ba a ci gaba sai an gano ko a sake. Ƙuri'un cikin kwali ba sa wuce yawan sunayen cikin kaye. Duk wanda ya riƙe wannan ƙa'ida guda ya iya rabin aikin.

Cikin 112 ɗin, a ce huɗu sun lalace, wasu an haɗa launi biyu, wata ambulan babu komai ciki. A ware su, a nuna wa masu sa ido, a rubuta huɗu. Saura 108 masu kyau. Mai ja ya samu 49, mai kore 41, mai fari 18. Sai a tara: 49 da 41 da 18 ya ba da 108, a ƙara huɗun da suka lalace ya ba da 112. Lissafi ya rufe. Idan aka tara aka samu 110 ko 106, ba a cewa ai bambancin kaɗan ne. A sake ƙirgawa nan take, kowa na kallo, tun ƙuri'un na kan tebur.

To, wa ya ci? A nan ne mafi yawan ƙungiyoyinmu ke faɗawa rami. Idan dokar ƙungiya ta ce wanda ya fi kowa yawa shi ya ci, to mai ja ya ci da 49, magana ta ƙare. Idan kuwa ta ce sai an samu fiye da rabin ƙuri'u masu kyau, rabin 108 shi ne 54, ana bukatar 55, kuma babu wanda ya kai. Sai a tafi zagaye na biyu tsakanin mai ja da mai kore. A ce kafin nan wasu sun tafi, la'asar ta yi, mata sun koma girki. Aka samu 105 a kwali, biyu sun lalace, saura 103, ana bukatar 52. Mafi yawan mutanen mai fari suka koma bayan mai kore, ya samu 56, mai ja 47. Wanda yake gaba a zagayen farko ya faɗi a na biyu.

Wannan ba abin mamaki ba ne ga duk ɗan Nijar da ya san tarihi. A zaɓen shugaban ƙasa na 1993, Tanja Mamadu ne ya zo na ɗaya a zagayen farko na watan Fabrairu, Mahaman Usman na biyu, Mahamadu Isufu na uku. A zagaye na biyu na watan Maris, da ƙawancen jam'iyyu ya mara wa Mahaman Usman baya, shi ne ya ci. Ba a ce an yi wa na ɗaya fashi ba, don an san ƙa'idar tun kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya. Haka ya kamata a taronmu: tun ran gini tun ran zane. A karanto abin da dokar ƙungiya ta ce kafin a fara, a rubuta a takarda cewa an karanto. In dokar ba ta ce komai ba, taro ya yanke tun da fari, a rubuta, har da abin da za a yi idan biyu suka yi kunnen doki. Ƙa'idar da aka fito da ita bayan an ga lissafi, ko daidai ce, wanda ta kayar ba zai taɓa yarda da ita ba.

Ku duba kuma abin da zai faru idan takardar wancan taro ta ce kawai an zaɓi mai kore ma'aji. Mutum bakwai da suka tafi bayan zagayen farko sun tafi da labarin cewa mai ja ne kan gaba da takwas. Washegari su ji an ce mai kore ya ci. Me za su ce? Za su ce an juya abin bayan tafiyarsu, kuma ba ƙarya suke yi da gangan ba, abin da suka gani suke faɗi. Takardar da ke ɗauke da zagaye biyun, kowanne da lambobinsa, ita kaɗai ke iya nuna musu inda zancen ya bi.

Idan da ɗaga hannu aka yi, ko da bin layi bayan ɗan takara, ƙa'idar ba ta canzawa, sai ma ƙarin kula. A rubuta cewa ta wannan hanya aka yi. Mutum biyu su ƙirga kowa da kansa, su faɗi lambarsu, in ta bambanta a sake. A ƙirga ɓangaren mata da kyau, a je har inda suke zaune, kada a tsaya daga nesa a ce "sun kai ashirin". Kuma a tara masu eh, masu a'a da waɗanda ba su ɗaga ba, a ga ko sun yi daidai da yawan mutanen da ke wurin. Kalmar "mafi rinjaye" ba tare da lamba ba, ba shaida ba ce.

Abu na uku shi ne bayyana sakamako. Ƙirga daban, bayyanawa daban. Shugaban zaɓe ne zai miƙe ya faɗi da Hausa, da Tamashek ko Fillanci in akwai masu bukata, cewa a muƙamin ma'aji mutum kaza suka jefa, kaza suka lalace, wane ya samu kaza, wane kaza, saboda haka wane ne ma'aji na tsawon shekara kaza daga yau. Sannan ya tambaya ko akwai mai ƙorafi. In akwai, a rubuta sunansa da abin da ya ce da amsar da aka ba shi. In babu, a rubuta cewa an tambaya ba a samu ba. Wanda ya ci ya faɗi cewa ya karɓa. Haka za a bi muƙami bayan muƙami.

Sai a cike takarda a wurin, a karanta ta da ƙarfi, masu gudanar da zaɓe da masu sa ido su sa hannu kafin a yi fatiha. Al'adar nan ta "bari in je gida in gyara ta da kyau" ita ce babbar ƙofar ɓaraka. Ba sai magatakarda ya yi niyyar cuta ba. Kwana uku sun isa 41 ta koma 47 a kan mutum, kuma wanda ya sa hannu bayan mako guda a ƙofar gidansa bai san abin da ya sa wa hannu ba. In ana son a buga ta da inji don kaiwa ma'aikatar magajin gari ko wajen masu duba makarantu, a buga, amma ta hannun ita ce uwa, a ajiye ta tare da kayen sunaye. In an yi kuskuren lamba, a ja layi guda a kai yadda za a iya karanta tsohuwar, a rubuta sabuwar a gefe, a sa hannu. Yau kusan kowane taro akwai mai waya, a ɗauki hoton takardar nan take a tura cikin zauren ƙungiya, 'yan bida su gani tun ranar. Su kuma ƙuri'un a zuba su cikin ambulan, a liƙe, a ajiye har wa'adin ƙorafi ya wuce.

Hukuma ma abin da take nema ke nan. Dokar ƙungiyoyi ta 1984 ta ɗora wa ƙungiya ta sanar da hukuma idan shugabanninta suka canza, kuma duk wata ma'ajiyar kuɗi sai ta ga takardar taro kafin ta canza masu sa hannu. Ga masu kofaratib, dokar Ohada da aka amince da ita a Lome a watan Disamba na 2010, wadda ke aiki a Nijar, ta ce kowane mamba ƙuri'a ɗaya gare shi komai yawan hannun jarinsa, kuma takardar taro ta nuna rana da wuri, waɗanda suka halarta, abin da aka sa a ƙuri'a da sakamakon ƙuri'ar. Kofaratib da takardarta ba ta da lambobi tana tsaye ne da ƙafa ɗaya ranar da aka kai ƙara.

Mun san akwai masu ja da wannan magana, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Na farko suna cewa mu mutanen sulhu ne, dattawa su zauna su daidaita ya fi ƙuri'ar da ke raba dangi. Ba mu ƙi sulhu ba. Sau da yawa shi ya fi dacewa da ƙaramin gari inda kowa surukin kowa ne. Amma sulhu ma ana rubuta shi. A sa cewa mutum biyu suka tsaya, aka daidaita, wane ya janye da bakinsa gaban taro, aka tambayi jama'a ko sun amince da wanda ya rage, mutum kaza suka amince, kaza suka ƙi. Sulhun gaskiya ba ya tsoron wannan layi. Wanda ke tsoronsa shi ne wanda aka ƙulla da dare, aka zo da safe aka ce "an riga an gama magana".

Na biyu suna cewa rubuta lamba tozarci ne. Yaya za a rubuta cewa dattijo mai mutunci ya samu 18 cikin 108, takarda ta yi ta yawo a waya? Wannan ya fi nauyi, kuma gaskiya ne akwai ciwo. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. An ƙirga gaban mutum ɗari, duk gari ya sani kafin magariba. Ɓoye lambar ba ya rufa masa asiri, abin da yake yi shi ne ya bar ƙofa a buɗe ga masu cewa biyar ya samu, da masu zuga shi cewa cinye masa aka yi. Wanda ke gudun wannan yana da damar janyewa cikin girma kafin a jefa ƙuri'a, a rubuta masa haka.

Na uku suna cewa aikin ya yi yawa, mutane na da gona da dabbobi, kuma masu rubutu kaɗan ne. Gaskiya zai ƙara wa taro lokaci. Amma ana iya rage shi idan aka shirya takardar tun jajibiri, aka ja layukan kowane muƙami aka bar gurbin suna da lamba. Kuma babu dokar da ta hana a rubuta da Hausa, da boko ko da ajami, don jama'a su ji abin da suka sa wa hannu, daga baya a juya zuwa Faransanci in hukuma ta nema. Malamin lakwal, ɗalibin kwaleji ko malamin allo, kowanne na iya riƙe wannan alƙalami.

Saboda haka ga roƙonmu ga duk ƙungiyar da ke shirin sabunta bironta a Bambeye da kewaye. Kafin a fara, a karanto ƙa'idar cin zaɓe. Kafin a jefa, a karanto sunayen waɗanda suka tsaya a ce an rufe. Kafin a faɗi wanda ya ci, a tara lambobi a ga sun rufe. Kafin a watse, a karanta takarda a sa hannu. Kai kuma ɗan'uwa, ke kuma 'yar'uwa da za ku zauna a taron, kuna da hakkin ɗaga hannu ku ce a karanto muku lissafi, kuma ba rashin kunya ba ne.

Allah Ya ba mu shugabanni masu amana, Ya ba su mabiya masu sa ido. Wanda ƙungiyarsu ke da wata dabara da ta fi wannan, muna saurare.